Chromebook: Inda Take da Ƙarfi, Inda Take Gazawa, da Wanda Za Ta Wadatar

Idan aka ajiye Chromebook kusa da wata ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows, ido ba zai raba su ba. Allo iri ɗaya, madannai kusan iri ɗaya, sau da yawa ma kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ko Acer, ko HP, ko Lenovo, ko Asus. Bambancin yana cikin babbar manhajar da ke tuƙa na'urar. Ta Chromebook ita ce ChromeOS, wadda Google ya gina a kan tushen Linux, ya kuma tsara ta yadda burauzar Chrome za ta zama wurin da ake yin kusan kowane aiki. A watan Yuni na 2011 Samsung da Acer suka fitar da na farko kasuwa, kuma har yau tsarin bai bar wannan asali ba, duk da abubuwan da aka ƙara masa. Fayil ɗin girka manhaja na Windows, wato mai ƙarewa da .exe, ba ya buɗuwa a kanta. Na kwamfutar Apple ma haka. Daga wannan abu guda duk ƙarfinta da duk rauninta suka samo asali, shi ya sa tambayar da ta dace mai saye ya yi wa kansa ita ce: aikin da nake yi kullum a cikin burauza yake, ko a cikin wata manhaja da sai an girka ta?

Ƙarfin nata na gaske ne, kuma akwai dalilinsa. Tunda babbar manhajar ba ta da nauyi, Chromebook mai ƙaramin furosesa takan tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta kuma ci gaba da tashi haka bayan shekaru, domin babu tarin manhajojin da ke laɓewa suna tashi tare da ita. Furosesan da ba ya jan wuta sosai yana sa batir ya daɗe; yinin aiki guda a kan caji ɗaya abu ne da aka saba gani a sabuwa, kuma da yawansu ba su da fanka a ciki, saboda haka ba ƙara, ba ƙurar da ke toshe hanyar iska.

Abin da ya fi wannan daraja shi ne yadda take sabunta kanta. A cikin ma'adanarta akwai kwafi biyu na babbar manhajar. Kana aiki a kan ɗaya, ita kuma tana rubuta sabon zubi a kan ɗayan a ɓoye. In ta gama sai ta nuna maka alamar a sake kunna ta, ka sake kunnawa, ta koma kan sabon kwafin cikin lokacin da ba ya wuce na tashi na yau da kullum. In sabon ya ƙi tashi, tsohon yana nan, sai ta koma kansa. Wannan yana faruwa kusan duk mako huɗu. Ban da haka, duk lokacin da aka kunna ta tana bincika ko an taɓa babbar manhajar, kuma ɓangaren da manhajar take a kulle yake, ba a rubutu a kansa yayin aiki. Kowane shafin burauza a killace yake daga sauran. Shi ya sa mai Chromebook ba ya sayen manhajar kashe bairos, kuma shi ya sa makarantu suka rungume ta: ma'aikaci ɗaya zai iya kula da ɗaruruwa daga kan teburinsa. Amma kada a ɗauka tsaron nan ya rufe komai. Wanda aka yaudara ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi, ko ya ƙara wa burauza wani ƙari mai leƙen abin da yake rubutawa, ya cutu a kan Chromebook kamar yadda zai cutu a ko'ina.

In kuma abu ya rikice, akwai Powerwash, wanda ke share duk abin da ke kan na'urar ya mai da ita kamar ranar da aka buɗe kwalinta. Ka sake shiga da asusunka na Google, alamomin shafukanka da saitunanka su dawo da kansu. Wanda ya taɓa kwana yana sake girka Windows da direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da na'urori irin su firinta, ya san darajar wannan.

Hanyoyi uku ake bi a sami manhaja a kan Chromebook, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce burauza, kuma a nan babu abin kushewa: cikakkiyar Chrome ce irin ta babbar kwamfuta, ba ta waya ba. Gmail, Google Docs, Sheets, YouTube, Canva, WhatsApp Web, shafin banki, shafin makaranta, taron bidiyo na Meet ko Zoom, duk suna tafiya kamar yadda suke tafiya a kowace kwamfuta. Ta biyu ita ce manhajojin Android daga Play Store, waɗanda aka fara kawowa a 2016. Suna aiki, amma yawancinsu don allon waya da yatsa aka yi su. Wata ta buɗe a tsaye siririya a tsakiyar allo, wata ta ƙi jin linzami yadda ya kamata, wata kuma ba za ka gan ta a Play Store ba sam domin masu ita sun hana a girka ta a Chromebook. Ta uku ita ce Linux, wadda aka fara bayarwa a 2018: wata 'yar kwamfuta ce ta Debian, wani nau'in Linux, da ke gudana a killace a cikin na'urar, inda ake iya girka manhajoji irin su LibreOffice, GIMP ko VS Code. Hukuncinmu a nan a fili yake. Wanda aikinsa ya tsaya a hanya ta farko zai ji daɗi ƙwarai. Wanda ya jingina da ta biyu zai riƙa cin karo da ƙananan abubuwan takaici. Wanda kuma dole sai ta uku, to ya zama mutumin da baƙin allo mai jiran umarni ba ya ba shi tsoro.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi dalla-dalla, domin a nan ne gaskiyar ke fitowa. A ce ma'aikaciya ce a wani ƙaramin ofis, ita ke rubuta wasiƙu, ita ke riƙe lissafi, ita ke buga takardu. Aikinta na mako ya ƙunshi imel, wasiƙu da rahoto a Word, taron bidiyo sau biyu ko uku, jadawalin kuɗin shiga da fita a Excel, lissafin albashi a wani fayil ɗin Excel da wani ya haɗa mata tun da daɗewa, sai buga takardu da ɗaukar hotonsu a firintar ofis. Ana so a saya mata Chromebook.

Imel da taron bidiyo sun wuce ba tare da magana ba. Wasiƙu ma sun wuce, amma da sharaɗi. Tun watan Satumba na 2021 Microsoft ya daina tallafa wa manhajojin Office na Android a kan Chromebook, ya mai da mutane ga Word da Excel na burauza. Word na burauza ya isa wasiƙa da rahoto na yau da kullum, sai dai yana buƙatar intanet kafin ya buɗe, kuma ba shi da duk kayan aikin babban Word. In tana haɗa wasiƙa ɗaya da jerin sunaye ɗari don kowa ya sami tasa, wannan aikin babban Word ne. Google Docs yana buɗe fayil ɗin .docx ya kuma adana shi a haka, amma takarda mai tsari mai sarƙaƙiya, mai tebura cikin tebura da rubutu a akwatuna da wani salon haruffa da babu shi a na'urar, takan ɗan goce: layi ya sauka, shafi uku ya zama huɗu. Ga wasiƙa wannan ba komai ba ne. Ga fom ɗin da dole ya fita daidai da yadda aka aiko shi, matsala ce.

Jadawalin kuɗin shiga da fita, in lissafinsa tarawa ne da ɗebewa da irin su SUM da VLOOKUP, zai yi aiki a Excel na burauza ko a Google Sheets ba tare da an taɓa komai ba. Fayil ɗin albashin ne abin dubawa. A kalli ƙarshen sunansa. In .xlsx ne, da wuya a sami cikas. In .xlsm ne, to akwai makiro a ciki, wato ƙananan umarnai da aka rubuta da harshen VBA, irin waɗanda ake danna maɓalli ɗaya su cike takardar albashin kowa. Excel na burauza zai buɗe fayil ɗin, ya nuna lambobin, amma ba zai gudanar da makiron ba. Sheets ma ba zai gudanar ba, domin nasa harshen daban ne, sai an sake rubuta komai da Apps Script. LibreOffice na cikin Linux yana fahimtar wani sashe na VBA, yana kuma tuntuɓe a kan wani, kuma albashin mutane ba wurin gwaji ba ne. Ga shi nan: abu huɗu sun wuce, guda ɗaya ya tsaya, kuma wannan gudan ne ake yi duk ƙarshen wata ba fashi. Ko dai a biya wani ya sake gina lissafin a Sheets, ko a bar tsohuwar kwamfuta mai Windows a kunne a riƙa shiga ta daga nesa da Chrome Remote Desktop, ko kuma a haƙura da Chromebook. Duka ukun hanyoyi ne masu kyau in an zaɓe su kafin saye. Abin da ba shi da kyau shi ne a gano matsalar ranar 28 ga wata.

Saura firinta. Chromebook ba ta karɓar faifan direba da ke zuwa cikin kwalin firinta, kuma tsohuwar hanyar Google Cloud Print an rufe ta a ƙarshen 2020. Yanzu tana magana da firinta kai tsaye, ta Wi-Fi ko ta wayar USB. Firintar da takardarta ta ambaci IPP Everywhere, Mopria ko AirPrint yawanci takan bayyana da kanta muddin suna kan Wi-Fi ɗaya. Masu ba da wahala su ne tsofaffin firintoci masu araha na USB, waɗanda ba su da ƙwaƙwalwar sarrafa shafi a cikinsu, sai direban Windows ya yi musu aikin ya tura musu. Irin waɗannan wani lokaci Chromebook ta gan su amma takarda ta ƙi fita, ko ta fito da haruffan da ba su da ma'ana. Sashen ɗaukar hoton takarda ya fi na bugawa wuya wajen samun dacewa: ana iya samun na'urar da ke bugawa lafiya amma manhajar Scan ba ta ganinta. Hanya ɗaya ce tabbatacciya, a nemi lambar samfurin firintar a shafin kamfanin da ya yi ta a ga ko ya ambaci ChromeOS, in da hali kuma a ari Chromebook a gwada.

Wannan darasin na firinta ya shafi duk wata na'ura da ake jona wa kwamfuta. Linzami, madannai, filashi, kyamara, abin sauraro, allo na biyu, duk suna aiki nan take. Amma na'urar da ke zuwa da manhajarta ta musamman, kamar mai gano cutar mota, mai yankan sitika, mai ɗinkin zane, ko mai saita wata na'urar awo, kusan kullum Windows take nema.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa Chromebook ba ta da amfani in babu intanet. An wuce wannan zamanin, amma sai an shirya. Kunna ta na farko da shiga asusun Google dole sai da intanet. Bayan haka a buɗe drive.google.com, a shiga Settings, a kunna Offline. Wannan zai sa Docs, Sheets da Slides su buɗe ba tare da intanet ba, a yi rubutu, su aika gyaran da kansu in ta dawo. Sai dai fayilolin da aka taɓa kwanan nan kawai take ajiyewa da kanta. Wanda ake so lallai a same shi, a danna shi da maɓallin dama a zaɓi a ajiye shi a na'ura, a yi hakan tun ana da intanet. Gmail ma yana da nasa a Settings ƙarƙashin Offline, inda ake zaɓar ya riƙe saƙonnin kwana 7, 30 ko 90. Bidiyo da waƙoƙi da PDF da ke kan na'ura ko filashi suna buɗewa ba tare da komai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tuna da wannan saitin bayan intanet ta ɗauke, lokacin da babu abin da za a iya saukewa. Wanda yake samun intanet kullum ko da na awa biyu ne zai iya tafiya da Chromebook. Wanda yake yin kwanaki babu ita, kuma aikinsa ya wuce rubutu, zai ji ta ɗaure shi.

Game da ajiya, abu uku ne ke jawo asarar fayil, kuma duka ana iya kauce musu. Babban fayil na Downloads a kan na'urar yake, ba a Drive ba, saboda haka Powerwash yana tafiya da shi, kuma in ma'adana ta cika maƙil na'urar tana iya share wasu abubuwa don ta sami wurin numfashi. Na biyu, fayilolin da ke kan na'urar a kulle suke da kalmar sirrin mai asusun. In ka canza kalmar sirrin Google a waya, Chromebook za ta nemi tsohuwar sau ɗaya don ta buɗe abin da ke cikinta. In ka manta ta, abin da ke Drive yana nan, amma na cikin na'ura ya tafi. Na uku, gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta raba shi ake tsakanin Drive, Gmail da Photos. Mai ajiye hotuna da bidiyon waya a can zai cika shi da wuri, kuma in ya cika har imel yakan daina shigowa.

Yawancin mutanen da suka tsani Chromebook ba tsarin suka tsana ba, mafi arhar samfuri suka saya. Na ƙasan nan yakan zo da ram gigabait 4, ma'adana gigabait 32, furosesa irin Celeron N4020, da allo inci 11.6 mai 1366 x 768. An yi shi ne don ɗalibin firamare ya buɗe shafi uku ko huɗu. Babba mai aiki zai buɗe Gmail, takarda biyu a Docs, jadawali, WhatsApp Web, sannan ya shiga taron bidiyo, kuma a nan ram ɗin zai ƙare. Alamar ba ta ɓuya: ka koma shafin da ka bari ɗazu ka ga ya yi fari yana sake lodawa, domin na'urar ta kashe shi don ta ba wani wuri, haruffa su riƙa fitowa bayan ka gama danna su, murya ta riƙa yankewa a taro alhali intanet lafiya lau. Danna maɓallin Search tare da Esc yana buɗe Task Manager, inda za a ga wane shafi ne ke cin ram. Sau da yawa za a tarar sashen Android yana riƙe da kaso mai tsoka ko da ba a buɗe manhajarsa ko ɗaya ba, domin shi ma wata kwamfuta ce a cikin kwamfuta. Wanda ba ya amfani da shi ya kashe Play Store a Settings, zai ga bambanci a na'ura mai gigabait 4. Kuma a sani, a kusan dukkan Chromebook ram ɗin a like yake da allon ciki, ba a ƙara shi, ma'adanar masu arha ma haka. Abin da ka saya da shi za ka zauna. Don haka ga babban mutum mai aikin yau da kullum, gigabait 8 na ram shi ne mafari, ma'adana kuma 64 zuwa sama, 128 in za a taɓa Linux, tunda shi kaɗai yana neman kusan gigabait 10 tun wajen kafa shi. A watan Oktoba na 2023 Google ya fito da tambarin Chromebook Plus don ya sauƙaƙa wannan zaɓin: duk mai ɗauke da shi tana da aƙalla ram gigabait 8, ma'adana 128, allo da kyamara masu 1080p, da furosesa ajin Core i3 ko Ryzen 3 ko makamancinsu.

Ga mai niyyar amfani da Linux akwai ƙarin abin dubawa, wato irin furosesan. Masu MediaTek ko Qualcomm tsarin ARM ne, suna da kyau wajen batir, amma manhajojin Linux da yawa da ake saukewa daga shafukan masu su don Intel da AMD kaɗai aka haɗa su. Bayan an kunna Linux daga Settings, a buɗe Terminal a rubuta:

```
dpkg --print-architecture
```

In amsar amd64 ce, kusan kowane fayil ɗin .deb na Debian zai shiga. In arm64 ce, sai wanda aka yi don ARM. Girka LibreOffice kuwa layi biyu ne:

```
sudo apt update
sudo apt install libreoffice
```

Abin da ke rikita sababbi shi ne su buɗe LibreOffice su rasa fayilolinsu. Linux ɗin a killace yake, ba ya ganin komai sai abin da aka sa a Linux files, ko babban fayil ɗin da aka danna aka zaɓi Share with Linux.

Iyakar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma mai sayarwa ba ya cika ambata, ita ce ranar da sabuntawa ke ƙarewa. Kowace Chromebook tana da wata da shekarar da Google zai daina aiko mata da sabon zubi. A watan Satumba na 2023 aka tsawaita wa'adin zuwa shekara 10 ga na'urorin da aka gina a kan tsarin 2021 zuwa sama. Sai dai ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da tsarin cikin na'urar ya fito, ba daga ranar da ka saye ta ba. Na'urar da aka gina a kan tsarin 2021, ko da sabuwa ce fil a kwali a 2025, a 2031 wa'adinta zai cika, wato shekara shida ke gare ka, ba goma ba. Wasu da suka girmi 2021 an ba su damar ƙarin wa'adi in mai ita ya amince, amma da sharaɗin rasa Play Store da manhajojin Android.

Me ya sa wannan ya fi ciwo a Chromebook fiye da sauran kwamfutoci? Domin a nan burauza da babbar manhaja a haɗe suke. In ɗaya ta tsaya, ɗayar ma ta tsaya. Ranar da wa'adin ya cika na'urar ba za ta mutu ba, za ta tashi kamar jiya. Amma Chrome ɗinta ta daskare a zubin da take, ramukan tsaro da aka gano daga baya ba za a toshe su ba, kuma sannu a hankali shafuka za su fara cewa burauzarka ta tsufa. Na banki da na taron bidiyo sukan riga sauran. Tunda burauzar ita ce kusan komai a na'urar, tsufanta tsufan na'urar ne gaba ɗaya. Duba ranar ba ya ɗaukar minti ɗaya: Settings, sai About ChromeOS, sai Additional details, a karanta abin da ke ƙarƙashin Update schedule. Wadda ba a kunna ba kuma, Google yana da shafin da ya jera kowane samfuri da ranarsa.

Mai sayen wadda aka yi amfani da ita yana da abu na biyu da zai duba, kuma ya fi na farko haɗari. Chromebook da yawa na hannu daga makarantu da kamfanoni suka fito, kuma in ba a cire su daga rajistar hukumar da ta mallake su ba, suna nan a ƙarƙashin ikonta. Za ka ga rubutun managed by a allon shiga, ko ta ƙi karɓar kowane imel sai na wannan makarantar. Powerwash ba ya warware wannan, domin da zarar ta sami intanet za ta sake komawa rajistar da kanta. Mai kula da asusun hukumar ne kaɗai zai iya sakinta. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a yi Powerwash a gaban mai sayarwa, a jona ta da intanet, a shiga da asusun kai har a ga an isa babban allo. Daga nan a buɗe manhajar Diagnostics a duba Battery health da Cycle count. Batirin da lafiyarsa ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari ya fara gajiya, kuma dogon caji yana cikin manyan dalilan sayen na'urar tun farko.

To, wa za ta wadatar? Ɗalibin firamare da na sakandare, musamman da yake iyaye na iya sa iyaka ta Family Link. Dattijo ko duk wanda bukatarsa imel ce, labarai, bidiyo da gaisawa da 'yan'uwa ta kyamara, wanda ba ya son wata rana allo ya cika da saƙonnin da bai gane ba. Ga irin wannan mutum da wuya a sami abin da ya fi ta. Marubuci, ɗan jarida da malami, waɗanda aikinsu rubutu ne da karatu da shirya darasi. Ma'aikacin da kamfaninsa ya riga ya mai da komai shafin intanet. Mai babbar kwamfuta a gida da ke son ta biyu mara nauyi don tafiya. Mai koyon rubuta manhaja ma zai yi nisa da Python ko ginin shafuka a Linux ɗinta, in ram ya kai 8.

Ɗalibin jami'a ne ke tsakiya, kuma amsarsa tana hannun sashensa. Mai karanta tarihi, shari'a ko harsuna zai gama digirinsa da ita. Mai karanta injiniyanci ko zanen gini zai buƙaci cikakken AutoCAD ko SolidWorks, mai nazarin alƙaluma za a iya ce masa SPSS, wata jarrabawar kuma ana yin ta ne da manhajar da ke kulle kwamfuta wadda Windows ko Mac kaɗai take sani. Ya tambayi 'yan aji uku da aji huɗu abin da ake girkawa, ba 'yan aji ɗaya ba, domin manhajojin nan a shekarun ƙarshe na karatu suke ɓullowa. Mai tace dogon bidiyo da Premiere Pro, mai haɗa kiɗa, mai wasannin kwamfuta masu nauyi, da akawun da manhajar lissafinsa ta Windows ce, waɗannan kada su wahalar da kansu.

Wanda bai tabbatar da ɓangaren da yake ba yana iya gwadawa kafin ya kashe ko sisi. Ya yi mako guda a kan kwamfutar da yake da ita yanzu bai buɗe komai ba sai Chrome, ya rubuta duk lokacin da dole ta sa ya fita daga cikinta da abin da ya fitar da shi. Ya haɗa da aikin ƙarshen wata da na ƙarshen shekara, waɗanda ba za su faɗo cikin makon ba. In yana son ya ji tsarin a hannunsa, akwai ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022: ana sa shi a filashi mai gigabait 8 ta hanyar Chromebook Recovery Utility, a tayar da tsohuwar kwamfuta daga filashin, a zaɓi gwadawa ba girkawa ba, don kada ya share abin da ke ciki. Flex ba shi da Play Store, saboda haka abin da za a gani shi ne burauzar tsantsa, kuma a nan ne ma za a iya jona firintar ofis a ga ko takarda za ta fito.